Lakcara ya aiko wa ƙanena takarda kan jingarsa: ya je ko ya fara neman mai shiga tsakani?

Yayan_Auta:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena yana aji uku a sashen tarihi a wata jami'a a nan Katsina. An ba su jinga kan Kwalejin Katsina, tun daga buɗe ta a 1922 har zuwa mayar da ita Kaduna a 1938. Jiya da yamma malamin kwas ɗin ya turo mishi takarda ta imel. Tun daga lokacin yaron bai iya cin abinci ba, Hajiya kuma ta tayar da hankalinta. Da Turanci aka rubuta, amma ga abin da ke ciki, na cire sunaye:

"Bayan gaisuwa. Na saka jingarka a manhajar Turnitin kamar yadda na saka ta kowa, sai ta nuna kashi 43 cikin 100 na rubutun ya yi daidai da wasu rubuce-rubuce. Wannan adadi shi kaɗai ba ya nufin ka yi sata, ni ma ban yanke hukunci ba. Akwai wurare biyu da nake so ka yi mini bayani a kansu: shafi na 1 zuwa na 2, da sakin layi na uku a shafi na 6. Na haɗo maka cikakken rahoton domin ka duba kafin mu haɗu. Ka same ni a ofis ranar Laraba da ƙarfe 11 na safe. Idan lokacin bai yi maka ba, ka faɗa mini mu sauya. Ka zo da duk abin da ka yi aiki da shi: rubutun farko, bayanan da ka ɗauka, da littattafan da ka duba. Jami'in jarrabawa na sashe zai zauna da mu, kai ma kana iya zuwa da mutum ɗaya. Na dakatar da makinka har sai na ji daga bakinka."

Tambayata: wannan gayyata ce ta gaskiya ko tarko ne don ya amsa laifi da bakinsa? Kawunmu ya ce a nemi wani babba ya kira malamin tun kafin Laraba.

Dan_Kofar_Marusa:
Allah Ya kyauta. Ni dai shawarata kada ya je shi kaɗai, kuma kada ya sa hannu a kan komai. Duk abin da aka ce jami'in jarrabawa zai zauna, to magana ta yi nisa.

Maman_Hanif:
Wa alaikumus salam. Wallahi da na karanta takardar nan sai da na yi wa malamin addu'a. Ɗiyata a wata makaranta sifili kawai ta gani a allon sakamako. Da ta je tambaya aka ce kwamfuta ta kama ta, ba wanda ya nuna mata ko shafi ɗaya. Haka ta maimaita kwas ɗin. Wanda zai zalunce ka ba ya turo maka rahoto ya ce ka duba.

Sani_Mashi:
Da me aka kama shi? Waya ce ko takarda ya shiga da ita? Domin in an cike mishi fom a ɗakin jarrabawa, sai dai addu'a.

Yayan_Auta:
A'a Malam Sani, ba jarrabawa ba ce. Jinga ce ta gida, wadda ake rubutawa a miƙa.

Dakta_Rafindadi:
Yayan Auta, ka kwantar wa Hajiya da hankali. Ina koyarwa a jami'a, kuma ina duba irin wannan rahoto duk zango. Kada a sa wani babba ya kira malamin. Mutumin ya buɗe ƙofa da kansa, in aka bi ta bayan gida sai ya fara zaton akwai abin da ake ɓoyewa.

Abin da manhajar ke yi shi ne ta ɗauki rubutun ɗalibi ta gwada shi da shafukan intanet, da mujallun ilimi, da rubutun wasu ɗalibai da aka taɓa sakawa a rumbunta. Duk inda kalmomi suka jeru iri ɗaya sai ta shafa musu launi ta sa lamba. Ba ta san dalilin kamanceceniyar ba. Jerin manazarta da ke ƙarshen jinga za ta shafa shi, tunda duk wanda ya duba littafi ɗaya haka zai rubuta sunansa. Maganar da ka ɗauko ka sa mata alamar zancen wani, ka faɗi mai ita, ita ma za ta shafa ta, sai dai in malamin ya cire su da kansa. Jimla irin ta cewa Gwamna Hugh Clifford ne ya buɗe kwalejin a 1922, ko cewa Tafawa Ɓalewa da Sardauna sun yi karatu a can, ɗaruruwan mutane sun rubuta ta kusan iri ɗaya.

Don haka 43 ɗin nan ba ta gaya mana komai ba tukuna. Ka buɗe rahoton ka je shafukan ƙarshe, akwai jerin wuraren da aka samu kamanceceniya, kowanne da kasonsa. Faɗa mana na sama guda uku ko huɗu.

Injiniya_Bello:
Dakta, amma ai doka ce kada a wuce kashi 20. Komai bayanin da za a yi, 43 ta ninka. Ni a ganina ya roƙi a ba shi dama ya canza kalmomin har ta sauko.

Dakta_Rafindadi:
Injiniya, gaskiya ne makarantu da dama suna sa iyaka, wasu 20, wasu 25, musamman ga kundin digiri. Amma kowace makaranta ita ke sa tata, kamfanin bai ce ga adadin da ya zama sata ba. Na ga jinga mai kashi 9 wadda duk taran nan sakin layi biyu ne da aka kwashe daga maƙalar wani ba a ambace shi ba. Wannan sata ce. Na ga mai 35 wadda ba laifi ko ɗaya a ciki. Canza kalmomi don lamba ta sauko kuwa, in ra'ayin na wani ne kuma ba a faɗi mai shi ba, laifin yana nan, an dai ɓoye shi ne.

Yayan_Auta:
Na duba, Dakta. Na farko kashi 19, an rubuta "Submitted to" sai sunan wata jami'a ta ƙasar waje, a ƙasa kuma "Student Paper". Shi ne ya shafe shafi na 1 da na 2 kusan gaba ɗaya. Na biyu kashi 5, wata maƙala ce a intanet, ita ce ta shafi na 6. Sauran duk 2 ne, 1 ne, da ƙasa da 1, sun fi yawa a manazarta. Yaron ya rantse mini bai taɓa jin sunan jami'ar nan ba. Ta yaya zai kwafi ɗalibin da ke wata ƙasa a kan tarihin Katsina?

Mai_Kafe_Batagarawa:
Yaya, tambaye shi ko ya taɓa kai rubutun shagon kwamfuta a duba mishi kafin ya miƙa.

Yayan_Auta:
Ya ce e. Da ya gama gabatarwa, tun kafin ya rubuta sauran, ya kai wani shago aka duba mishi, ya biya kuɗi aka ba shi takarda.

Mai_Kafe_Batagarawa:
To ga inda 19 ɗin ta fito, kusan zan iya rantsuwa. Sana'ata ce, na san yadda ake yi. Yawancin masu dubawa a shago ba su da rajistar kansu, shiga suke saya ta wata makaranta, sau da yawa ta waje. Wurin saka aiki akwai zaɓi na a ajiye rubutun a rumbu ko kada a ajiye, ana rubuta "no repository". In wanda ya buɗe ajin a manhajar bai zaɓi wannan ba, rubutun yaron ya zauna a rumbu da sunan waccan jami'ar. Da malaminsa ya saka jingar, sai manhajar ta ga gabatarwar tana nan tun da, ta ce wani ɗalibi ya riga shi. Alhali shi ne da kansa.

Ya nemo takardar da aka ba shi. A shafin farko akwai "Submission date" da "Submission ID" da sunan fayil. Wannan ce shaidarsa. In ya ɓatar, ya koma shagon yau, wataƙila tana cikin kwamfutarsu ko a WhatsApp ɗin da suka tura mishi.

Dakta_Rafindadi:
Mai Kafe ya yi gaskiya, kuma lissafin ya hau. In jingar kalma 3,000 ce, gabatarwa mai kalma 600 kashi 20 ke nan, ga shi an samu 19. Idan malamin ya ga ranar da ke kan takardar shago ta riga ranar miƙawa, kuma rubutun iri ɗaya ne da na yaron, sai ya cire wancan tushe daga rahoton, ya danna "Exclude Quotes" da "Exclude Bibliography". Ba zan ce ga lambar da za ta rage ba, domin wani lokaci in ka cire tushe ɗaya sai wani da ke ƙarƙashinsa ya bayyana, amma za ta sauko sosai.

Abin da ya fi damuna shi ne shafi na 6. Kashi 5 na kalma 3,000 kalma 150 ne a wuri ɗaya, daga maƙala ɗaya. Wannan ba ya faruwa da katari. Shi ya sa malamin ya ware shi. Yayan Auta, duba mana: akwai alamar zancen wani a sakin layin? An ambaci mai maƙalar?

Yayan_Auta:
Babu alamar zance. A ƙarshen sakin layin ya sa sunan marubucin da shekara, kuma maƙalar tana cikin manazarta. Amma kalmomin na mutumin ne, biyu ko uku kawai ya sauya.

Ummi_Daura:
To ai ya ambaci mai shi! Ina satar take? Ɓarawo ba ya rubuta sunan mai kaya.

Dakta_Rafindadi:
Malama Ummi, rabin aikin ya yi. Sa suna da shekara yana nufin ra'ayin na wane ne amma jimlolin nawa ne. Idan jimlolin ma nasa ne, dole a sa alamar zance, ko a shigar da sakin layin ciki, a kuma ba da lambar shafi. Don haka kuskure ne, kuma a ƙa'ida yana cikin abin da ake kira satar fasaha. Sai dai akwai tazara tsakaninsa da wanda ya ɓoye tushen gaba ɗaya, kuma yawancin malamai suna ganin wannan tazarar. Ranar Laraba kada ya tsaya musu a kan wannan. Ya ce ga abin da na yi, ga yadda aka yi na yi shi. Mafi yawan lokuta a wurin ɗaukar bayanai abin ke faruwa: ɗalibi ya kwafo sakin layi cikin fayil ɗinsa don ya dawo ya sarrafa, bayan mako biyu ya manta wanne ne nasa wanne ne na wani.

Barista_Kofar_Soro:
A nan zan ɗan saɓa wa Dakta. Takardar tana da kyau, ta yi abubuwan da ake nema a sauraron adalci: ta faɗi abin da ake tambaya a kai, ta ba da shaidar tun kafin zama, ta ba da lokacin shiri, ta yarda a zo da wani. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 kan haka yake magana, kuma kotuna sun daɗe suna riƙe jami'o'i da shi. A shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, Kotun Ƙoli a 1986 ta soke korar ɗalibai da aka yi bayan tarzomar 1983. Cikin dalilan akwai cewa wanda ya shugabanci kwamitin bincike yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa.

Amma abu ɗaya takardar ba ta faɗa ba: me zai biyo bayan zaman? A ofis za a ƙare, ko abin da yaron ya faɗa za a rubuta a kai wa kwamitin ladabtarwa? Kafin ya amsa komai yana da haƙƙin sanin wannan. Ya mayar da amsa a rubuce yau, cikin ladabi: na samu takarda, zan zo, ina roƙon a sanar da ni ko zaman na bayani ne kawai ko matakin farko ne na ladabtarwa. Kuma ya ɗauko littafin dokokin ɗalibai ya karanta abin da ya ce kan jinga, domin sau da yawa hukuncinta daban yake da na ɗakin jarrabawa.

Dan_Kofar_Marusa:
Kun ji ko? Abin da na faɗa tun farko ke nan. Ya yi shiru kawai, su kawo hujjarsu.

Barista_Kofar_Soro:
Ban ce ya yi shiru ba, ɗan uwa. Hujjar tana hannunsu, shafi na 6 ba ya ɓoyuwa. Shiru a nan cutar kansa zai yi, domin bayanin kashi 19 shi kaɗai ke da shi. Cewa na yi ya san inda maganarsa za ta je, kuma in an rubuta bayanin zama ya karanta kafin ya sa hannu, ya nemi kwafi.

Malam_Na_Zaure:
Allah Ya saka wa malamin nan da alheri. Lokacin da Manzon Allah (SAW) ya aiki Sayyidina Ali Yaman ya yi alƙalanci, ya umarce shi kada ya yanke hukunci sai ya ji daga na biyu kamar yadda ya ji daga na farko. Hadisin yana cikin Abu Dawud da Tirmizi. Shi ma yaron akwai nasa nauyin: in an ba ka dama ka yi magana, to ka faɗi gaskiya, har wadda ba ta yi maka daɗi ba.

Lakcara_Mai_Aji_300:
Ku yi haƙuri in faɗi abin da ba a so. Ajina ɗaya ya haura mutum 300. In kashi ɗaya cikin goma suka fito da launin ɗorawa ko ja, wato kaso mai yawa a rahoton, zama talatin ke nan, ga makin jarrabawa ana jira, ga wuta babu. Ba kowa zai iya irin wannan takarda ba. Kuma wasu ɗaliban sayen jinga suke yi a shagunan nan, kowa ya sani.

Maman_Hanif:
Malam, mun san kuna da aiki. Amma shekarar yaro ce fa. Ɗiyata zango guda ta ƙara a kan abin da minti goma zai warware.

Dakta_Rafindadi:
Abokin aiki, na san nauyin. Amma ba duka talatin ɗin ake kira ba. In ka cire manazarta da maganganun da aka sa wa alama, ka leƙa tushe na sama, da yawa a nan suke faɗuwa cikin minti biyu. Waɗanda suka rage su ne ake rubuta wa. Mai sayen jinga kuwa zama ne ke kama shi, ba manhaja ba, domin jingar da aka rubuta mishi sabuwa tana iya fitowa da kashi 6. Ka ce ya rufe takardar ya gaya maka me ya sa aka mayar da kwalejin Kaduna, ko a ina ya samu littafi na huɗu a manazartarsa. Wanda ya yi aikin zai yi ta zuba har da abin da bai rubuta ba.

Lakcara_Mai_Aji_300:
Wannan gwajin ma yana da iyaka, Dakta. Ina da ɗalibai masu ƙoƙari da in sun shigo ofis bakinsu ke mutuwa, musamman in da Turanci za a yi. Akwai kuma mai baki da zai haddace jingar da ya saya a dare ɗaya.

Dakta_Rafindadi:
Haka ne. Shi ya sa nake barin ɗalibi ya yi bayani da Hausa in ya fi mishi sauƙi, kuma ba na dogara da baki kaɗai, sai na ga takardun aiki.

Ummi_Daura:
Ni abin da ya fi burge ni shi ne mutum na uku a ofis. Mu mata mun san abin da ake ji in lakcara ya ce ki same ni ke kaɗai kan maganar maki. Wannan tsari kariya ne ga ɗalibi da malamin duka. Da ma a mayar da shi doka.

Injiniya_Bello:
To wa zai raka shi? Ni na ce Barista ya je.

Barista_Kofar_Soro:
A'a, bai kai nan ba. Zuwa da lauya zaman farko zai sa kowa ya ɗaure. Wakilin aji ko malamin da ke kula da ajinsu ya fi. Kai ma Yayan Auta, in ka je, ka zauna ka saurara, kada ka amsa mishi tambaya.

Yayan_Auta:
Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Ga inda muke. Ya samo takardar shagon a WhatsApp, ranar da ke kai ta riga ranar miƙawa da kusan wata guda, sunan fayil ɗin ma sunansa ne. Ya tattara littafin da yake ɗaukar bayanai a laburare, da hotunan da ya ɗauka a tsohon ginin kwalejin da yanzu yake gidan tarihi, da tsofaffin fayiloli biyu na jingar. A cikin na farkon, sakin layin shafi na 6 yana nan da jan rubutu, da adireshin maƙalar a ƙasansa. Ya tura wa malamin tambayar Barista. Amsa ta zo cewa zaman na bayani ne, amma in an ga abin ya fi ƙarfin sashe dole a kai gaba, kuma za a sanar da shi a rubuce. Kawu ya haƙura da maganar kira. Wakilin ajinsu zai raka shi.

Mai_Kafe_Batagarawa:
Madalla. Kada ya buɗe tsofaffin fayilolin ya adana su kuma, ranar da ke kansu za ta canza. Ya kwafe su a filashi yadda suke. Kuma ya sani gabatarwar nan tana rumbu har yanzu. Goge ta sai ta hannun mai kula da rajistar waccan makarantar, mai shago ba zai iya ba. In ya ɗauki wannan batu a kundin aji huɗu, za ta sake fitowa, don haka ya ajiye takardar da kyau.

Dan_Kofar_Marusa:
Ni har yanzu jan rubutun nan bai kwanta mini ba. Zai nuna ya san ba nasa ba ne tun farko. Ni da ba zan kai wannan fayil ba.

Dakta_Rafindadi:
Zai iya nuna haka, zai kuma iya nuna ya ware shi don ya gyara sai ya manta. Da ni ne a kujerar, na biyun zan fi karkata gare shi, tunda ya bar sunan marubucin. Na kan rage maki a irin wannan in sa a gyara sakin layin. Amma na san abokan aiki da za su ba da sifili a jingar gaba ɗaya, kuma dokar sashensu ta ba su dama.

Barista_Kofar_Soro:
Yayan Auta, me littafin dokokin ya ce kan jinga? Ba ka faɗa mana ba.

Yayan_Auta:
Nasa ya ɓata tun aji ɗaya, Barista. Wakilin aji ya ce zai karɓo mishi wani a ofishin kula da harkokin ɗalibai gobe da safe, in ya kawo zan ɗauki hoton shafin in turo nan ku duba mana kafin Laraba.